Yadda za a tallafi mace mai takaba a ƙauye, daga ranar rasuwa har bayan ta fita

Tun da na ba da labarin takabar ƙanwata a wani ƙauye na ƙasar Ringim, mata ke ta tambayata abu ɗaya: in mijin 'yar'uwa ya rasu, me mutum zai yi mata ban da kuka da gaisuwa? Abin da na gani da idona shi ne, taimako yakan zo ne gaba ɗaya a mako na farko, lokacin da ba ta ma iya haɗiye loma. Ana yin sadakar bakwai sai a naɗe tabarmi kowa ya kama gabansa, a bar ta da kwana ɗari da ashirin da 'yan kai, ga yara, ga rumbun da baƙi suka ci rabinsa. Don haka wannan jagora ta fi karkata ga abin da ke biyo bayan bakwai. Na jera matakan yadda suke zuwa.

1. Ranar farko: a ba ta mace guda

Kafin a tashi daga jana'iza, dangin matar su ware mace ɗaya da za ta zama tata. Ya zama wadda take sakewa da ita, yaya ko gwaggo ko aminiya, ba wadda take jin nauyi ba. Aikinta ba karɓar gaisuwa ba ne. Ita ce za ta kwana ɗaki ɗaya da ita, ta sa ta sha kunu ko da ludayi biyar ne, ta karɓi goyo in akwai, ta tuna mata maganinta in tana da hawan jini ko ciwon suga. A cikin hayaniyar makoki an fi mantawa da magani, kuma a kwanakin nan ne jini ya fi hawa.

Wannan matar ce kuma za ta riƙe kuɗin gaisuwa. A samu jaka guda da littafin makaranta mai fallen arba'in. Duk wanda ya miƙo wani abu ya ce "ga wannan a sai wa yara sabulu", a rubuta. Abin da aka ba matar a hannunta nata ne, ba ya cikin gado, kuma ba kuɗin cefanen baƙi ba ne.

Hattara: a gidan ƙanwata kwana uku kuɗin gaisuwa na shiga ƙarƙashin filo, duk wanda ya zo neman kuɗin itace ko na niƙa sai a ɗaga filo a ba shi. Ranar bakwai da muka duba, abin da ya rage bai kai kuɗin tiya biyar ta gero ba.

2. A ƙirga kwanakin, a rubuta ranar fita

Takaba wata huɗu ne da kwana goma, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara aya ta 234. Da watan Musulunci ake lissafi, kuma daga ranar rasuwa ake farawa, ba daga ranar sadakar uku ko ranar da labari ya iso ba. In ya rasu ran 10 ga Rajab, wata huɗu sun cika ran 10 ga Zulƙida, a ƙara goma, ta fita wajen 20 ga Zulƙida. Mutane sukan ce kwana 130, kuma kusan hakan ne, amma a kai wa liman ya tsayar da ranar tun a makon farko, a rubuta a bangon littafin nan. Mace in ta san ranar fitarta takan fi samun natsuwa.

Mai ciki lissafinta daban. Takabarta tana ƙarewa ne da haihuwa, ko da bayan mako biyu ne, ko kuma bayan wata takwas. In ana kokwanton ciki, a je asibiti a gwada da wuri, domin maganar ta shafi takaba ta kuma shafi rabon gado. Wadda aka ɗaura wa aure ba ta tare ba, ita ma tana takaba tana kuma gado. Haka wadda take cikin iddar saki ɗaya ko biyu lokacin da ya rasu.

3. A raba abin da addini ya hana da abin da aka ɗora

Abin da aka hana mai takaba kaɗan ne. Ba ta ado, ba turare, ba lalle, ba kwalli, ba sarƙa da 'yan kunne da awarwaro. Ba a ɗaura mata aure, ba a kuma fito mata da maganarsa ƙarara. Tana kwana a gidan da mijin ya bar ta. Shi ke nan.

Amma ku shiga ɗakin mai takaba a ƙauye ku ga abin da aka jibga mata. Wata an ba ta wuƙa ta riƙe duk inda za ta, har banɗaki. Wata an ce wanka sai ranar Juma'a. Wata zane ɗaya za ta ɗaura har ta fita, kai ba wanki ba tsifa, magana ƙasa-ƙasa kamar mai laifi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da shari'a ta ce. Tana wanka kullum da sabulu marar ƙamshi, ta canza kaya masu tsabta waɗanda ba na kwalliya ba, ta wanke kanta, ta shafa man kaɗanya in hunturu ya fasa mata ƙafa. Tana amsa waya, tana gaisawa da mutane. In bukata ta kama, kamar asibiti ko awo ko kotu ko ɗebo ruwa in babu mai ɗebo mata, tana fita da rana ta dawo ta kwana a ɗakinta.

Hattara: kada ke ƙaramar yarinya ki tsaya gardama da surukarta a kan wuƙa ko wankan Juma'a. Za a ce kun zo da sabon addini gidan mutuwa, kuma bayan kin tafi ita za a huce a kai. Abin da ya yi mana aiki shi ne, yayanmu ya je ya sami liman a soro ya ce, "Allah gafarta Malam, in an zo addu'ar uku a ɗan yi wa mata bayanin takaba." Malam ya tsaya daga bakin zaure ya faɗa da ƙarfi yadda na ciki za su ji. Washegari surukar da kanta ta ce, "Ke, tashi ki watsa ruwa."

4. A tsare rumbu

Sunna ita ce maƙwabta su dafa su kawo wa gidan da aka yi rashi, kamar yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa a yi wa iyalan Ja'afar. Mu kuma mun juya abin. Gidan mamaci ne ke ɗora tukwane, ana ciro dami bayan dami a sussuke a ciyar da masu zaman makoki. Hatsin nan kuwa tun daga lokacin da mamacin ya cika ya zama na magada, kuma in akwai ƙananan yara, dukiyar marayu ake dafawa.

Don haka a ranar farko ko ta biyu, namiji ɗaya daga dangin miji da ɗaya daga dangin mata su leƙa rumbu tare su ƙirga dami nawa ne na gero, nawa na dawa, buhu nawa na wake ko gyaɗa ko riɗi. A rubuta. Abincin baƙi kuma dangi su yi karo-karo. Maganar sadakar uku da bakwai da arba'in malamai sun saɓa a kanta, ba kuma zan shiga ciki ba. Abin da ba a saɓa a kai ba shi ne, ba a yin ta da hatsin maraya. Wanda yake son yi wa ɗan'uwansa sadaka ya ciro daga nasa rumbun.

5. Lissafin abincin wata huɗu

Nan ne aka fi yin sakaci, saboda kowa yana zaton wani ne ke ciyar da ita. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, mai takaba tana da haƙƙin zama a gidan in mallakar mijin ne ko ya riga ya biya haya, ba mai tashinta. Amma ciyarwarta ba ta kan dukiyar mamaci a dunƙule, daga rabonta ne, yara kuma daga nasu. Rabon kuwa yakan ɗauki watanni. A tsakanin nan dole wani ya ɗauki nauyin tukunya.

Ga yadda muka yi wa ƙanwata. Ita da yara huɗu, da gwaggonmu da ta zauna da ita, baki shida ke nan. Mun ga tiya ɗaya da rabi ta hatsi tana kai su yini, tuwon dare da kunun safe da ɗan abin rana. Kwana 130 sau tiya ɗaya da rabi ya ba da tiya 195, wato buhu biyar in an ɗauki buhu a tiya 40. Da muka kira shi buhu biyar sai abin ya yi sauƙin rabawa. Yayanmu ya ɗauki biyu, kawunmu ɗaya, ƙanin mijin ɗaya, mu mata muka haɗa ɗaya.

Hatsi ba shi ne ke kayar da gida ba, kuɗin yau da kullum ne: niƙa, mai, daddawa, kuka, gishiri, omo, itace, ruwa in saye ake yi. Waɗannan mijin ne ke ajiye kuɗinsu kowace safiya ba wanda ya lura, sai da ya kau. Kada ku yi ƙiyasi daga nesa. Mai zama da ita ta rubuta duk abin da aka kashe a mako guda bayan bakwai, sai a ninka sau goma sha takwas, a raba wa mutum uku ko huɗu, kowa da makonsa.

Hattara: kada a kawo buhu biyar ɗin rana ɗaya a jibge a tsakar gida. A gidan gandu in aka ga buhuna, kowa zai aiko a ranta masa tiya biyu, ita kuma ba ta da bakin hanawa. A riƙa kawowa buhu-buhu, duk ƙarshen wata. Ya kuma zama dalilin zuwa ganinta.

In rasuwar ta faɗo da damina, a ƙara maganar gona a lissafi. Ciyawa ba ta jiran a gama makoki. A sa wanda zai tsaya a kan noman fari da maimai, ko a yi gayya, kuma a faɗa a gaban shaidu cewa amfanin na magada ne, ba na wanda ya nome ba. Gonaki da yawa ta wannan ƙofar suka salwanta: "ai ni nake nomawa tun rasuwar Yaya."

6. A ware kayanta kafin a fara maganar gado

Wannan aikin a yi shi cikin mako biyun farko, tun kowa yana tuna gaskiya. A ƙauye dabbobin mata da na miji turke ɗaya suke. Tunkiyar da ta saya da kuɗin adashi, akuyar da aka ba ta ta haihu, kayan ɗakinta, keken ɗinki, gayaunar da ta gada a gidansu, duk nata ne, ba sa shiga rabo. In akwai ragowar sadaki da bai biya ba, ko ta ranta masa kuɗin taki, bashi ne a kansa, ana biyanta kafin a raba komai.

Ba za ta iya tsayawa a gaban mazan gidan ta ce wannan nawa ne ba, kunya da baƙin ciki ba za su bar ta ba. Ta faɗa wa mai zama da ita, ita kuma ta faɗa wa waliyyinta, shi ya zauna da babban gidan a gaban mai unguwa ko liman a rubuta takarda biyu, ɗaya ta kayanta ɗaya ta kayan mamaci. A rubuta har da bashin da ake binsa da wanda yake bi, da gonar da ya ba da jingina ko ya karɓa, da sunan shaidun kowanne.

Wayarsa da layinsa a adana su, a riƙa sa kati kada layin ya mutu, domin ta nan ake ganin saƙon banki da masu bashi. In yana da asusu ko ma'aikaci ne, za a bukaci takardar shaidar mutuwa, wadda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke bayarwa, da kuma takardar kotu. Hattara: ko da wani ya san lambar sirrin katinsa, kada a je wajen mai POS a cire kuɗin a ɓoye. Ranar rabo za a tambaya, kuma matar za a fara zargi.

7. Rabon gado

Tsarin shi ne a fitar da kuɗin likkafani da binnewa, a biya bashi, a zartar da wasiyya in ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba. Mata tana da tumuni in mijin ya bar ɗa ko 'ya ko jika ta wajen ɗa namiji, ko da ba ita ta haifa ba, rubu'i in bai bari ba. In mata biyu ne ko huɗu, wannan kason guda suke rabawa.

A ɗauki misali. Mutum ya rasu ya bar mata biyu, da mahaifiya, da 'ya'ya maza uku mata huɗu, mahaifinsa ya riga shi. Bayan biyan bashi an yi wa gona da shanu da hatsi kuɗi, sun kama naira 2,400,000. Tumuni 300,000 ne, kowace mata 150,000. Mahaifiya tana da sudusi, 400,000. Saura 1,700,000 na 'ya'ya, namiji rabon mace biyu, kaso goma ke nan: kowace 'ya 170,000, kowane ɗa 340,000. 'Yan'uwan mamaci ba su da ko sisi tunda akwai ɗa namiji.

Ku dubi abin da lissafin ya nuna. Rabon matar ɗan kaɗan ne. In ita ce mai ɗa ɗaya da 'ya'ya mata uku, rabon 'ya'yanta 850,000 ne, ya ninka nata fiye da sau biyar. Saboda haka abin da za a sa wa ido shi ne wanda zai riƙe kason yaran. A nemi a fitar da shi a gona ko dabba mai iyaka sananniya, a rubuta sunan mai riƙo, a sa shaidu. In an ga alamar ja-in-ja, a kai kotun shari'a alƙali ya raba ya ba da takarda. Mutanenmu suna ganin zuwa kotu tonon silili ne, amma takardar nan ita ce za ta yi magana bayan shekara goma sha biyar, lokacin da shaidun suka kwanta dama. In tana da ciki, ana dakatar da rabo sai ta haihu.

Hattara da kalmar "a bar shi a haɗe, ai duk gida ɗaya ne." Da daɗin ji ranar da aka faɗa. Amma gonar da ba a raba ba, mai ƙarfi ne ke cin ta.

8. Zama da ita

Da rana mai takaba takan daure, akwai yara, akwai masu shigowa. Lokacin da ya fi yi mata nauyi shi ne tsakanin magariba da isha, sa'ar da ya saba shigowa. Ƙanwata ta ce min har wata biyu in ta ji ƙarar babur ya tsaya a ƙofar gida sai ta miƙe ta ɗauko kwanon tuwonsa, sai ta kai hannu ta tuna. In za ku tsara zuwa, ku tsara shi a wannan lokacin, kuma a raba kwanaki: wance Litinin, wance Alhamis, har ta fita. Wadda take nesa ta riƙa kira a wannan sa'ar.

In kin zo, ba sai kin yi wa'azi ba. "Ya haƙuri?" da "Allah ya ji ƙansa, ya raya abin da ya bari" sun isa. Sai ki ja tsintsiya, ko ki zauna ki tsefe wa yarinya kai. Kada ki ce "in kina bukatar wani abu ki faɗa", ba za ta faɗa ba. Ki buɗe tulu ki ga ko da ruwa, ki ɗaga murfin kwalla ki ga ko da gari.

In ta yi kuka a bar ta. Hawaye ba haramun ba ne, Annabi ma ya zubar da su da ɗansa Ibrahim ya rasu. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufa da maganar saɓo. Masu cewa "ki daina, kina ƙona shi" suna sa ta haɗiye abin ne kawai, ya dawo mata da ciwon kai da rashin barci. In ta ɗauko labarinsa, ko sau goma ta maimaita ranar da ya fara ciwon, a saurara. Kada a bi ta da "da kun kai shi asibiti da wuri", kada kuma a kawo mata tsegumin wanda ake zargi da sammu.

A ba hannunta abin yi bayan mako biyu ko uku. In mai ƙuli-ƙuli ce ko saƙar tabarma ko ɗinkin hula, ta ci gaba a cikin gida, yara ko maƙwabta su kai kasuwa. Takaba ba ta hana sana'a ba. Yaran kuma su koma makaranta da allo bayan bakwai.

Ga inda haƙuri ba ya wadatarwa, sai asibiti: in an shafe makonni ba ta barci ba ta ci, tana ramewa, ta daina kula da jaririnta, ko ta daina magana gaba ɗaya, ko tana cewa gara ta bi shi. Wannan ta ƙarshen kada a ɗauke ta zancen baƙin ciki. A kawar da maganin ƙwari da na ɓera daga ɗakin, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta babban asibiti mafi kusa a ranar. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko na Kazaure. A ci gaba da addu'a da tofi, amma kada a ce iska ce a tsaya nan.

9. Fita, da watannin da ke biye

Ranar fita ba ta da wani sharaɗi, kwanaki ne suka cika. Abin da aka saba na wanka da kitso da lalle da sabon zane yana da kyau, yana nuna mata cewa an buɗe ƙofa. A tanadi turmin atamfa da kuɗin ɗinki tun saura mako biyu.

Amma a san cewa ranar nan ce tallafi ke yankewa, kuma haƙƙinta na zama a ɗakin saboda takaba ya ƙare. Don haka tun saura wata guda a zauna da ita a tambaye ta, ita da bakinta, inda take son zama: cikin 'ya'yanta a kasonsu na gidan, ko gidan iyayenta. Riƙon yara nata ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. In ta auri wanda ba muharramin yaran ba, riƙon yana komawa ga mahaifiyarta kafin dangin uba. Baffanni ba su da ikon rarraba yaran a tsakaninsu kamar kayan gado. In ƙanin mijin yana so, ya nema kamar kowa bayan ta fita, ta amsa ko ta ƙi. Suratun Nisa'i aya ta 19 ta hana a gaji mace a kan tilas.

Kasonta na tumuni kada a bari ya narke a cefane. Ƙanwata ta sayi tumaki biyu da buhun gyaɗa da nata, mu kuma muka ci gaba da kai buhu ɗaya duk wata har kaka ta zo, don kada ta ci jarin. A kai sunanta wajen liman da masu fitar da zakkar hatsi tun kafin girbi, domin in aka bari sai an ɗaure dami, an riga an yi wa wasu alkawari. Mai zuwa Litinin da mai zuwa Alhamis kuma kada su daina rana ɗaya. A rage a hankali, a mai da shi sau ɗaya a mako, sannan ranar kasuwa, kuma a tabbatar wani ya je mata da sallar farko da za ta yi ba shi.